Gorar yashi a shagon Laminu: yadda wani tela a Maradi ya fara ganin lokaci da idonsa

Daren sallar azumi ta 2024, wajen ƙarfe ɗaya, mutum bakwai ne zaune a kan benci a ƙofar shagon ƙanena, nan unguwar Zariya, kowa na jiran ɗinkinsa. Shi kuwa yana ciki, ya duƙufa a kan wuyan wata rigar shadda da mai ita ba ya buƙatarta sai bikin da za a yi sati biyu bayan sallah. Na shiga na tsaya a kansa, bai ma san na shigo ba sai da na dafa keken.

"Laminu, wannan ta wace ce kake yi a daren nan?"

Ya ɗago, ya dubi rigar, ya dube ni. "Yaya, minti goma kawai na ce zan taɓa ta."

Tun bayan isha'i yake kanta. Kuma ba ƙarya ya yi mini ba, a ransa minti goman ba su cika ba.

Laminu ba sunansa na gaskiya ba ne, na sauya. Shekararsa 27, kuma duk wanda ya sa rigar da ya ɗinka ya san yana da hannu. A azumin nan ya karɓi ɗinki 46, ya gama 31 da kwanan zaune, sauran 15 wasu suka kwashe yadinsu da faɗa, wasu suka yi sallah da tsofaffin kaya. Mutane suka ce ai alƙawarin tela ke nan. Ni da na goye shi na san abin ya girmi ɗinki. Tun yana lakwal haka yake: a aike shi sayen gishiri ya dawo bayan awa biyu da labarin tsuntsayen bakin Gulbi, babu gishiri. Kayensa na aji rabin shafi ne, rabin shafi ne, ko'ina an fara ba a ƙarasa ba. An yi duka, an yi nasiha, kamar an shuka dusa.

Ni malama ce, na fi shekara goma sha biyar ina koyar da ƙananan yara, kuma kusan kowace shekara ina samun ɗaya ko biyu masu irin halinsa. Likitoci na da suna ga wannan yanayi idan ya yi tsanani: ADHD, a takardun Faransanci kuma TDAH, wato matsalar tsayar da hankali da kasa zama wuri ɗaya. Ƙa'idar da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka fitar a 2013 ta ce sai alamun sun fara kafin shekara 12, sun daɗe aƙalla wata shida, kuma sun bayyana a wuri fiye da ɗaya, misali gida da wurin aiki. Ta ƙiyasta kusan yara 5 cikin 100, manya kuma kusan rabin haka. Laminu bai je an duba shi ba, don haka ban liƙa masa sunan ba, wannan hurumin likita ne. Abin da na yi kafin komai shi ne na tambaye shi tsakani da Allah ko yana shan tiramol, don mun san yadda ƙwayar nan ta shiga cikin matasa masu aikin dare. Ya rantse ba ya sha, na kuma yarda. Na tambayi barcinsa, ba ya da matsala in ba lokacin sallah ba. Tambayoyin nan dole ne, domin rashin barci, ƙwaya, da damuwa mai nauyi duk suna watsa hankali, kuma babu agogon da zai gyara su.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Russell Barkley, wanda ya daɗe yana nazarin wannan yanayi, yana da wata magana da ta zauna mini daidai a kan ƙanena. A taƙaice, masu irin wannan hali sun san abin da ya kamata su yi, inda suke faɗuwa shi ne aikata shi a lokacin da ya dace, saboda haka taimakon sai an kai shi daidai wurin aikin, daidai lokacin aikin. Nasihar da na yi wa Laminu a tsakar gida da daddare ba ta bin shi shago da safe. Ga yawancin mutane akwai wani abu a ciki da ke cewa "kai, rana ta yi." Nasa ba ya magana, ko kuma yana yi can ƙasa-ƙasa. Lokaci biyu ne a wurinsa, yanzu da ba yanzu ba. Ɗinkin da za a karɓa ranar Alhamis yana cikin "ba yanzu ba" har sai mai shi ya yi sallama a ƙofa.

Kuskuren farko nawa ne. Na karɓi wayarsa na cika ta da ƙararrawa tara a rana, na rubuta takardu na manna a bango: kar ka manta da kaza, ka tuna da kaza. Kwana huɗu abin ya yi. Duk ƙararrawar da ta buga sai ya ɗauki wayar don ya kashe, ya ga saƙo a WhatsApp, daga nan sai bidiyo, minti ashirin sun tafi. Na ɗauko abin da ya fi komai ɗauke masa hankali na ce shi ne zai riƙa dawo da shi. Takardun bango kuwa, kafin sati ido ya saba da su, sun zama kamar fenti. Wata ma na same ta an yi lissafin kuɗin zare a bayanta.

Sai na koma ga abin da nake yi a aji. Akwai wani agogo da wata uwa a Amurka, Jan Rogers, ta ƙirƙira a shekarun 1990 saboda ƙaramar ɗiyarta da ba ta iya karanta agogo ba: jan faifai ne a fuskar agogon, ka murɗa shi zuwa mintin da kake so, yana raguwa har ya ɓace. Hikimarsa ita ce ba sai ka yi lissafi ba. Agogon waya na cewa 10:35, sai ka tuna ƙarfe nawa ka fara, ka tuna ƙarfe nawa za ka tsaya, ka ɗebe wannan daga wancan. Aiki uku ke nan ga ƙwaƙwalwar da tun farko riƙe abu ke mata wuya. Jan faifai kuwa kallo ɗaya ne: da yawa, ko saura kaɗan. Gani ya kori ji. Ban samu irinsa a kasuwa ba, don haka muka yi namu da yashi, abin da Maradi ba ta rasa ba.

Ga yadda muka yi shi, don mutane da dama sun tambaye ni. Gorar ruwa ta roba guda biyu, ta rabin lita, a wanke a shanya su bushe ƙarau. A haɗa marafansu baya da baya da gam mai ƙarfi, a huda tsakiya da ƙusa mai zafi, hudar ba ta wuce milimita biyu ba, a kankare bakinta ya yi sumul. Yashin a tankaɗe shi sau biyu: da rariya mai laushi don a fitar da tsakuwa, sannan a sheƙe shi a iska don ƙura ta fita. Tsakuwa ɗaya tak tana toshe hudar, ƙura kuma tana sa yashin ya dunƙule. Muka zuba kimanin rabin gora, muka kifa, muka riƙe agogo. Zubin farko ya yi minti 31. Muka riƙa ragewa da cokali har ya tsaya a 25, bambancin zubi da zubi bai wuce minti ɗaya ba. Mun fara gwada ruwa, bai yi ba: ruwa yana zuba da sauri in gorar ta cika, ya rage gudu in ta kusa ƙarewa, sai ido ya ruɗe. Yashi gudunsa kusan ɗaya ne daga farko har ƙarshe, shi ya sa in ka ga rabi, rabin lokaci ne da gaske.

Minti 25 ɗin ma aro muka yi, daga tsarin wani Ba'italiye, Francesco Cirillo, wanda a ƙarshen shekarun 1980 yana ɗalibi ya riƙa karatu da ɗan agogon girki mai siffar tumatir: aiki minti 25, hutu minti 5. Ba wahayi ba ne. Yaran ajina minti 10 nake ba su. Ga Laminu 25 ya yi daidai don kusan tsawon haɗa wando ɗaya ne.

Satin farko ban ce ya gyara komai ba. Na ce ya yi aikinsa yadda ya saba, illa duk lokacin da zai fara ya kifa gorar, in ta ƙare ya ɗauki maɓalli ɗaya daga gwangwanin hagu ya jefa a na dama. Kafin nan na tambaye shi, kaftani da wando, ba aiki a wuya, awa nawa?

"Awa biyu, Yaya. In na matsa ma ɗaya da rabi."

Da muka auna: yanka minti 35, haɗawa awa ɗaya da minti 50, wuya da aljihu minti 50, maɓallai da guga minti 40. Awa huɗu ba minti biyar. Gora goma ke nan in an cike. Ya yi shiru yana kallon kayen, can ya ce, "To ai ban taɓa lissafa guga ba." Haka ne, bai taɓa ba. A kansa ɗinki shi ne lokacin da keke ke gudu. Hura gawayin dutsen guga, neman almakashi, sauya zare, zuwa sayen zik, duk ba sa cikin lissafi, alhali su ne rabin yini.

Abu na biyu da gwangwanin ya nuna ya fi wannan ɗaci. Yana buɗe shago ƙarfe takwas, ya rufe bayan magariba, yana ganin ya yi aikin awa goma. Maɓallan da ke gwangwanin dama da yamma bakwai ne, wata rana takwas. Wajen awa uku ke nan. Sauran sun tafi a hira, shayi, waya, da fara wannan a ajiye a ɗauki wancan. Na ga fuskarsa ta sauya, sai na yi maza na ce ba don a kunyata shi muka ƙirga ba. Wannan wuri ne da ake ɓata abin: in gwangwani ya zama sandar duka, mutum zai daina jefa maɓalli, ko ya riƙa jefa na ƙarya, kuma daga nan ba ka da ma'auni.

Cikin wata ɗaya ya kai gora goma sha biyu a rana, ba tare da ya ƙara awa ko ɗaya a shago ba. Abin da ya kawo haka, a ganina, abu biyu ne. Na farko, farawa ta yi sauƙi. Aikin da ya fi ƙi shi ne yanka da sa maɓalli, yana iya kewaya su yini guda. "Ka yanka kayan Alhaji" dutse ne a gabansa. "Ka kifa gora ɗaya a kan kayan Alhaji" abu ne mai iyaka, yana ganin ƙarshensa tun kafin ya fara. Sau da yawa in yashin ya ƙare ya riga ya shiga aikin, sai ya sake kifawa. Na biyu ban yi tsammaninsa ba. Abokansa na fada suna dafa shayi a gindin bedi kusa da shagon, kuma kunya ba ta barinsa ya ce ba ya zuwa in an kira shi. Yanzu sai ya nuna gorar ya ce, "Bari yashi ya ƙare." Ba wanda ya ji haushi, don ba shi ya ƙi su ba, yashi ne. Har su ma suka ɗauka, in ɗaya ya leƙo sai wani ya ce, ƙyale shi, da saura.

Muka ƙara abu ɗaya ƙarami. Tunani na faɗo masa tsakiyar aiki: ban kira wane ba, zare baƙi ya kusa ƙarewa. Da can yana tashi nan take, don ya san in bai tashi ba zai manta, kuma gaskiyarsa. Sai muka ce ya rubuta kalma ɗaya da allin ɗinki a gefen tebur ya ci gaba. A hutun minti biyar ya duba. Rabinsu in ya duba sai ya ga ba su ma da muhimmanci.

Gorar ta gyara awa, amma ba ta san ranar Alhamis ba. Nan ne ƙusoshi suka shigo.

Da can in an kawo yadi yana rubuta awo a kaye, ya cusa yadin cikin babban buhu a ƙarƙashin tebur. Abin da ya shiga buhun nan ya fita daga duniya. Muka zazzage shi rannan muka samu atamfar wata baiwar Allah da ta kawo tun kafin azumi, shi kuma ya rantse ya ba ta. Sai muka kafa ƙusa shida a bangon da yake fuskanta in ya zauna a keke, Asabar zuwa Alhamis, aka rubuta sunan rana da alli a saman kowace. Juma'a babu ƙusa. Kowane ɗinki a farar leda mai nuna ciki, da ƴar takarda: sunan mai shi, ranar karɓa, da yawan gorar da zai ci.

A nan ma mun yi tuntuɓe. Da farko muna rataya kaya a ƙusar ranar da za a zo karɓa. Sai ya zama ranar Alhamis da safe ne yake ganin kayan Alhamis, aikin gora goma, mai shi kuma zai zo da la'asar. Mun mayar da tsohuwar matsalar bango ne kawai. Muka sauya: kaya na hawa ƙusar ranar da za a yanka su, kwana biyu kafin ranar karɓa. Wannan ɗan sauyin, a cikin duk abin da muka yi, shi ne na fi ba muhimmanci. Abin tuni da ke gaya maka ranar da wa'adi zai cika labari kawai ya ba ka. Wanda ke da amfani shi ne mai cewa ɗauki almakashi yanzu.

Ƙa'ida ta biyu: ƙusa ɗaya ba ta ɗaukar fiye da gora goma sha biyu. In ta cika, ta cika. Wannan ya magance wani ciwon da na daɗe ban gane ba, wato Laminu ba ya iya cewa a'a. Ba don kwaɗayi ba. In mutum ya tsaya gabansa da yadi, mutumin ne "yanzu", sauran masu jiran kuwa ba ya ganinsu. Da ƙusoshin sai ya zama suna tsaye a bango suna kallonsa. Na ji shi da kunnena yana ce wa wani dattijo, "Baba, dubi bangon, har Laraba ba wuri. In Asabar ta yi maka, bismilla." Dattijon ya duba, ya ce Asabar ɗin ta yi.

Saura rigar daren sallah, wadda ita ce ta fara tayar mini da hankali. Mutane na ɗauka mai irin wannan hali ba ya iya tsayar da hankali a kan komai. Ba haka ba ne. In abu ya yi masa daɗi yana nutsewa ciki har ya manta da ci. Ga Laminu aikin wuya ne, zanen zare a kan shadda. A nan gorar ta kasa gaba ɗaya, domin ba ta da murya. Yashi ya ƙare tun tuni, shi kansa na ƙasa, bai ɗago ba balle ya gani. Ashe aiki biyu muke nema daga abu ɗaya: ya tura shi cikin aikin da ba ya so, ya kuma fizgo shi daga wanda yake so. Na farko ido ya isa. Na biyu sai da kunne, kuma sai da ƙafa.

Muka samo tsohuwar ƴar waya mai maɓalli, wadda ba ta hawa intanet, aka sa mata ƙararrawa, aka ajiye ta can kan kanta kusa da ƙofa, inda dole ya miƙe ya taka kafin ya kashe ta. Miƙewar ita ce maganin, don da zarar ya bar kujera igiyar ta tsinke. Babbar wayar kuma tana cikin aljihun tebur a kulle har hutu. Amma abin da ya fi wayar aiki shi ne wanda muke da shi tun fil azal ba mu lura ba: kiran sallah. Sau biyar a rana ana shelanta lokaci da lasifika a kowace unguwa ta garin nan, ba batir, ba saiti. Sai muka jera yinin a kansa. Daga buɗe shago zuwa azahar, yanka da haɗawa, lokacin da kai ke da sanyi. Azahar zuwa la'asar, maɓalli da guga. Aikin wuya ba a taɓa shi sai bayan la'asar, saboda magariba na gabansa, kuma magariba ba a ciniki da ita. Wato mun ajiye aikin mai daɗi a inda bango zai tare shi, ya kuma zama ladan wanda ya sauke ƙusar ranar. Yaron shagonsa, ɗan shekara goma sha huɗu, shi aka ba aikin yafa ƙyalle a kan keken aikin wuya da safe, ba a yaye shi sai an dawo daga la'asar.

Duk wanda ya gwada irin wannan zai gamu da sati na uku. Ranar wata Talata na biya shagon na tarar da gorar kwance a kan kanta, ƙura ta hau ta, gwangwanin dama babu komai. Bai yanke shawarar dainawa ba, ya daina ganinta ne kawai, kamar yadda ba ka jin ƙarar fanka in ka daɗe a ɗaki. Haka abin tuni yake, yana tsufa, kuma ga masu irin halinsa yana saurin tsufa. Alamarsa a bayyane take: maɓallai sun ragu kwana biyu a jere, ko kayan Litinin na nan rataye ranar Laraba, ko an kashe ƙararrawa an koma an zauna a kan aikin da aka tashi daga kai.

Na fara da sauya kamanni, muka rina yashin da bula ya zama shuɗi. Ya yi kwana goma yana aiki, ya sake dusashewa. Abin da ya ɗore shi ne da muka sa gorar ta zama cikas. Kullum in zai rufe shago, aikinsa na ƙarshe shi ne ya sauko da ledar gobe daga ƙusa, ya ɗora a kan keke, ya ɗora gorar a kanta. Da safe ba yadda zai yi ya fara ɗinki sai ya ɗaga gorar da hannunsa, in kuwa tana hannunsa kifawa ba wuya. Abin da aka rataya a gefe ido na iya tsallake shi, wanda aka gindaya a hanya sai an taɓa shi. Sannan duk Juma'a bayan an sauko, ina zuwa mu yi minti goma sha biyar: mu ƙirga, mu sake jera ƙusoshi, mu ga me ya tsufa. Ba na faɗa, ba na tuna baya. Na lura satin da ban je ba, na gaba yakan rikice, kuma na daina ganin wannan a matsayin gazawarsa. Mai tabarau ba a ce masa ya isa haka nan, ya cire ya gwada da idonsa.

Damina ta zo da nata. A watan Agusta iska ta yi laima, yashin ya riƙa tsayawa tsakiyar zubi, wata rana ya yi kusan awa yana jiran gorar da ta toshe. Muka juye shi a kasko muka soya har ya bushe, muka sake tankaɗewa, muka naɗe mahaɗin marafan da salatif. Tun daga nan duk wata yana gwada ta da agogo sau ɗaya.

Kar a ɗauka kowa gora za ta yi masa. Akwai wata yarinya a ajina da in ta ga lokaci na raguwa sai hannunta ya kama rawa, ta kasa rubuta ko harafi. Ita sai na juya abin, na daina nuna mata abin da ya rage, ina sa mata tsakuwa ɗaya a tebur duk layin da ta gama. Kuma wanda abin ya kai shi ga rasa aiki bayan aiki, ko haɗari a kan babur, ko aure na rawa, ya ga likita, don akwai magani da ake bayarwa a ƙarƙashin kulawa, gora da ƙusa ba su maye gurbinsa ba.

Jarrabawar gaske ita ce azumin 2025, wanda ya kama a watan Maris, zafi ya fara. Sati biyu kafin a ga wata muka zauna da kaye. Da azumi a baki ba zai yi goma sha biyu da rana ba, muka sa takwas, da shida bayan tarawi, goma sha huɗu ke nan. Kwanakin aiki 26, ya ba da gora 364. Na ce a cire kashi ɗaya cikin biyar saboda ɗaukewar wuta, gyaran kayan da ba su zauna ba, da ranar da jiki zai ƙi. Ya yi gardama, ya ce asara ce. Na ce ya tuna benci. Aka tsaya a 290. Ɗinki marar aiki gora 10, mai aikin wuya 16. Ya karɓi 24 marasa aiki da 3 masu aiki, gora 288, ya rufe karɓa tun ranar goma ga azumi. Ya zana layuka huɗu na ƙusa a bango maimakon ɗaya, sati-sati.

Kaya 25 sun fita a ranar da aka yi alƙawari. Biyu sun makara da kwana ɗaya: ɗaya saboda an yini ba wuta, ɗayan kuma saboda wani abokinsa ya kawo yadi da daddare ya ce don Allah, shi kuma ya karɓa bai rataya a ƙusa ba, ya ci gorar wani. In aka bi ƙirga, bara ya ɗinka 31, bana 27 da na abokin, kuma a jika huɗu-huɗu kuɗin da ya shigo bai kai na bara ba. Shi da kansa ya faɗa mini haka, da ɗan ciwo a muryarsa. Sai dai bana bai mayar wa kowa da kuɗi ba, ba wanda ya zage shi a gaban yaronsa, kuma biyu daga cikin waɗanda suka kwashe yadinsu bara sun dawo da ɗinkin babbar sallah.

Daren sallah na biya wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Benci ba kowa. Ƙusoshi duka fayau, sai leda ɗaya a kan keke da gorar a kanta. Na ɗaga na duba takardar: shadda ruwan toka, gora goma, sunan mai ita Laminu.

"Wannan fa?"

Ya sosa ƙeya. "Tawa ce, Yaya. Na manta ban ba ta ƙusa ba."

Da kaftanin bara ya je idi.